Tambayoyi da amsoshi kan ƙera ƙaramar na'urar kwaikwayo mai umarnin da ka ƙirƙiro da kanka

Mece ce na'urar kwaikwayo a nan, kuma me ake ƙerawa takamaimai?

Manhaja ce da ke yin abin da furosesa ke yi. Tana da ma'adana wadda jerin lambobi ne kawai, tana da 'yan rajistoci da take ajiye abin da take lissafi da shi, sannan tana da manuni guda da ke nuna inda umarni na gaba yake. Aikinta uku ne, tana maimaita su har a ce ta tsaya: ta ɗauko umarni daga ma'adana, ta warware shi ta san me ake nufi, ta aiwatar. Babu wani ƙarfe ko waya da za a haɗa. Duk na'urar ba ta wuce layi talatin na Python ba.

Kada a haɗa ta da irin su VirtualBox, waɗanda ke ɗaukar cikakken tsarin sarrafa kwamfuta su gudanar da shi. 'Yan uwan tamu su ne na'urar Java, da wadda ke cikin CPython mai gudanar da yaren Python, da CHIP-8 wadda Joseph Weisbecker ya tsara a shekarun 1970. Duk amsoshin da ke ƙasa a kan na'ura ɗaya suke: ma'adana mai bayit 256, rajistoci 4, kowace tana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255.

Da me zan fara, rubuta zagayen ko tsara umarnin?

Tsara umarnin, kuma a takarda. Zagayen ba shi da wuya, kusan iri ɗaya ne a kowace na'ura. Abin da ke raba na'ura da na'ura shi ne yadda aka shimfiɗa umarni a cikin bayit, kuma wanda ya fara rubuta manhaja kafin ya yanke wannan shawara zai yi ta rushewa yana sakewa. Tambayoyi huɗu za ka amsa tun farko: tsawon umarni nawa ne, rajistoci nawa ne, girman ma'adana nawa ne, me zai faru idan lissafi ya zarce abin da rajista ke ɗauka.

A tamu na'urar kowane umarni bayit 2 ne. Bayit na farko an raba shi uku: bit 4 na sama su ne lambar aiki, bit 2 na tsakiya rajista ta farko, bit 2 na ƙasa rajista ta biyu. Bayit na biyu kuwa lamba ce tsagwaronta, ko adireshi. Ka lura yadda kowane zaɓi ke jawo ɗan uwansa. Bit 4 na lambar aiki na nufin ba za mu wuce umarni 16 ba. Bit 2 na rajista na nufin rajistoci 4. Adireshi mai bayit 1 na nufin ma'adana ba za ta wuce gurbi 256 ba. In kana son rajistoci 8, sai kowace ta ci bit 3, ya rage bit 2 kacal na lambar aiki, dole ka tsawaita umarnin.

Ga umarni 8 da za mu fara da su:

```
0 HALT        1 LDI a, n     2 ADD a, b    3 SUB a, b
4 JNZ a, n    5 LD a, n      6 ST a, n     7 OUT a
```

`LDI` na zuba lamba a rajista. `ADD` da `SUB` na tarawa da ɗebewa, su ajiye sakamako a rajista ta farko. `JNZ` na tsallakawa zuwa adireshin da aka ba shi muddin rajistar ba sifili ba ce. `LD` da `ST` na karantawa daga ma'adana da rubutawa a cikinta, `OUT` na nuna lamba a allo, `HALT` na tsayar da na'ura.

Umarni mai tsawo ɗaya ya fi, ko wanda tsawonsa ke bambanta?

Ga na'urar farko, mai tsawo ɗaya. Gaskiya ne akwai asara: `ADD` ba ya bukatar bayit na biyu, amma dole ya ɗauke shi fanko. Abin da ka saya da wannan asarar shi ne sauƙi. Matakin ɗauko umarni ba ya bukatar sanin wane umarni ne kafin ya matsar da manuni, kullum 2 zai ƙara. Haka CHIP-8 ta yi da bayit 2, haka ma ginshiƙin RISC-V mai bayit 4. A x86 kuwa umarni na iya zama daga bayit 1 har zuwa 15, sai an fara warware shi kafin a san inda ya ƙare. Na'urar Java ma umarninta na bambanta tsawo, domin a matse manhaja ta yi ƙanƙanta. Wannan riba ce ta gaske, amma ba ta da amfani ga wanda duk manhajarsa bayit 16 ce.

Yaya zagayen yake a rubuce?

Ga shi gaba ɗaya:

```python
while True:
    b0, n = mem[pc], mem[pc + 1]
    pc = (pc + 2) & 0xFF
    op, a, b = b0 >> 4, (b0 >> 2) & 3, b0 & 3
    if op == 0: break
    elif op == 1: r[a] = n
    elif op == 2: r[a] = (r[a] + r[b]) & 0xFF
    elif op == 3: r[a] = (r[a] - r[b]) & 0xFF
    elif op == 4:
        if r[a] != 0: pc = n
    elif op == 5: r[a] = mem[n]
    elif op == 6: mem[n] = r[a]
    elif op == 7: print(r[a])
    else: raise ValueError(hex(b0))
```

Kafin zagayen za ka shirya `mem = bytearray(256)`, da `r = [0, 0, 0, 0]`, da `pc = 0` wato manuni, sannan ka zuba manhajarka a farkon `mem`. Layuka biyu na farko a cikin zagayen su ne ɗaukowa. Layi na uku shi ne warwarewa: `b0 >> 4` na ture bayit ɗin dama har bit 4 na sama su rage, `& 3` kuma na tsince bit 2 na ƙasa ya watsar da sauran. Duk abin da ya biyo baya aiwatarwa ne.

Wani zai ce, me ya sa ake fitar da `a` da `b` ko ga umarnin da ba ya amfani da su? Domin ya fi arha a fitar da su kowane lokaci a bar su, da a tsaya tambayar ko ana bukatarsu. Layi na ƙarshe kuma, wanda ke ihu idan ya ga lambar aikin da bai sani ba, kada ka cire shi. Dalili na cikin amsar da ta yi magana kan na'urar da ta tsaya shiru.

A nuna mini manhaja guda daga farko har ƙarshe.

Bari mu tara 5 da 4 da 3 da 2 da 1. Rajista `r0` ce za ta riƙe jimla, `r1` ta riƙe ƙirge mai sauka, `r2` ta riƙe 1 da za a riƙa ɗebewa, tunda `SUB` ɗinmu rajistoci kawai ya sani. A hagu adireshi ne, a tsakiya bayit biyu a tsarin heksa, a dama ma'anarsu:

```
 0  10 00   LDI r0, 0
 2  14 05   LDI r1, 5
 4  18 01   LDI r2, 1
 6  21 00   ADD r0, r1
 8  36 00   SUB r1, r2
10  44 06   JNZ r1, 6
12  70 00   OUT r0
14  00 00   HALT
```

Ɗauki `36` ka warware da hannu, domin wanda bai taɓa yi ba bai san na'urarsa ba tukuna. A bit, `0x36` shi ne `0011 01 10`. Huɗun farko 3 ne, wato `SUB`. Biyun tsakiya 1 ne, wato `r1`. Biyun ƙarshe 2 ne, wato `r2`. Haka `44` yake `0100 01 00`: aiki na 4, rajista ta 1, sauran ba ruwan kowa da su.

Da na'ura ta tashi, umarni uku na farko za su cika rajistoci. A adireshi 6 jimla ta zama 5, a 8 ƙirge ya sauka zuwa 4, a 10 `JNZ` ya ga 4 ba sifili ba ne, ya mayar da manuni 6. Zagaye na biyu jimla ta zama 9, na uku 12, na huɗu 14, na biyar 15. A nan ƙirge ya kai sifili, `JNZ` bai taɓa manuni ba, wanda dama yana kan 12, sai a nuna 15 a tsaya. Umarni 20 aka aiwatar: 3 na shiri, 15 na zagaye, 2 na rufewa. Riƙe wannan 20 ɗin, domin gwaji ne mai kyau. Na'urar da ta nuna 15 amma ta yi taku 23 tana da abin dubawa.

Me ya sa ake matsar da manuni kafin aiwatarwa, ba bayanta ba?

Saboda tsalle. Ka ce ka mayar da `pc += 2` ƙarshen zagayen. `JNZ` zai sa manuni ya zama 6, sai layin ƙarshe ya ƙara masa 2, na'ura ta sauka a 8. A manhajarmu ta sama hakan na nufin `ADD` sau ɗaya kawai zai gudana, sauran zagayen duk ɗebewa ne. Na'ura ba za ta faɗi ba, ba za ta yi ƙorafi ba, za ta nuna 5 maimakon 15. Idan ka ga jimla ta tsaya a lambar farko, wannan ne wurin da za ka fara leƙawa.

Ana iya gyara shi da `continue` a bayan kowane tsalle, ko a rage 2 daga adireshin, amma duk faci ne da za a manta da shi ranar da aka ƙara sabon umarnin tsalle. In an matsar da manuni tun a matakin ɗaukowa, tsalle ya zama rubuta sabuwar lamba a kan tsohuwa, shi ke nan. Akwai riba ta biyu: lokacin da `CALL`, umarnin kiran ƙaramin aiki, ke gudana, manuni ya riga ya nuna umarnin da za a dawo gare shi, don haka adireshin dawowa yana hannu. Duba amsar kiran ƙaramin aiki a ƙasa.

Menene amfanin `& 0xFF` da ke ko'ina?

Shi ne ke sa rajista ta zama mai bit 8 da gaske. Lambobin Python ba su da iyaka, suna iya girma yadda suka ga dama, su kuma koma ƙasa da sifili. Rajista mai bit 8 kuwa in ta wuce 255 sai ta zagayo, kamar agogon da ya wuce sha biyu ya koma ɗaya. Canza 5 zuwa 22 a manhajarmu, wato `16` a heksa, za ka samu 253. Canza zuwa 23, wato `17` a heksa: jimlar gaskiya 276 ce, na'ura za ta nuna 20, wato 276 a ɗebe 256. Wannan ba kuskure ba ne, haka aka tsara ta, amma dole mai rubuta mata manhaja ya sani.

Inda rashinsa ya fi cizo shi ne ɗebewa. Sa 0 a `r1` tun farko. Da `& 0xFF`, sifili a ɗebe ɗaya 255 ne, na'ura za ta zagaya sau 256 ta tsaya. Ba tare da shi ba, ƙirge zai tafi -1, -2, -3, ba zai sake ganin sifili ba har abada. Wani lokaci kuma matsalar na ɓoyewa sai an zo `ST`, inda `bytearray` zai ƙi karɓar lambar da ta wuce 255, ya jefa `ValueError` a layin da ba shi da laifi. A C, bayyana rajista da `uint8_t` na yin wannan aikin da kansa.

Na'urata ta tsaya shiru ba ta nuna komai ba. Ina zan duba?

Mafi yawan lokaci manuni ne ya faɗa inda ba umarni. Gwada da gangan: mayar da `44 06` ya zama `44 07`. Tsallen zai sauka a tsakiyar `ADD`, a kan bayit ɗinsa na biyu, wanda `00` ne. Na'ura ba ta san tsakiyar umarni ba ne. Za ta ɗauko `00 36`, ta ga lambar aiki 0, ta tsaya cikin natsuwa kamar ta gama aikinta. A ma'adana babu wata alama da ke raba umarni da lambar lissafi. Duk bayit ne, kuma duk wanda manuni ya nuna shi ne umarni. Wannan shi ne tsarin da aka fi dangantawa da rahoton John von Neumann na 1945 kan EDVAC, inda manhaja da bayanai ke zaune a ma'adana ɗaya, kuma na'urar tamu ta gaji amfaninsa da haɗarinsa.

Wannan ne ya sa nake ganin ba wa `HALT` lamba 0, kamar yadda muka yi a nan don sauƙi, zaɓi ne mai kaifi biyu. Ma'adana fanko duk sifili ce, don haka manhajar da ta ɓace za ta tsaya maimakon ta yi ta yawo, wanda abu ne mai kyau. Amma tsayuwar ɓata da tsayuwar gama aiki sun zama iri ɗaya a idonka. In ka mayar da `HALT` lamba 15, ka bar 0 a matsayin haramtacciyar lamba, na'ura za ta yi ihu a daidai inda ta ɓace. Ƙara kuma duba guda a cikin `JNZ`: tunda kowane umarni bayit 2 ne, adireshin tsalle mara rabuwa biyu kuskure ne kai tsaye.

Idan kuma ta ƙi tsayawa fa?

Sa mata iyakar taku. Ƙirga umarnin da aka aiwatar, in ya wuce, misali, 10,000, ta tsaya ta nuna manuni da rajistoci. Babu dabarar da za ta iya faɗa maka, ga kowace manhaja a duniya, ko za ta tsaya ko ba za ta tsaya ba. Alan Turing ya kafa tushen wannan a 1936. Iyakar taku ce maganin da ke aiki a zahiri.

Sannan ka buga sawu: layi ɗaya ga kowane umarni, mai nuna adireshin da aka ɗauko shi, da bayit ɗinsa, da rajistoci bayan aiwatarwa. Ajiye tsohon `pc` kafin a matsar da shi, in ba haka ba sawun zai riƙa nuna adireshin umarni na gaba ya ruɗa ka. Da sawu, matsalar kan bayyana cikin layuka goma. Mayar da tsallen manhajarmu zuwa 2 maimakon 6, za ka ga `r1` na lilo tsakanin 5 da 4, domin kowane zagaye ana sake cika ta. Sa 2 a `r2` kuma, za ka ga 5, 3, 1, 255, 253: ƙirgen ya tsallake sifili, kuma tunda mara ne ba zai taɓa sauka a kansa ba.

Rajistoci ko tari, wanne ya fi?

Tari jerin lambobi ne da ake ɗorawa da cirewa daga sama kawai, kuma a na'urar tari umarni ba ya ambaton rajista. `ADD` na cire lambobi biyu na sama, ya tara, ya ɗora sakamako. Umarnin ya fi gajarta, kuma ya fi sauƙin samarwa idan kana rubuta mai fassara wani yaren manhaja, shi ya sa na'urar Java da CPython suka bi wannan hanya. Lua ta koma tsarin rajista a sigarta ta 5.0 a 2003, domin aiki ɗaya na ƙarewa da umarni kaɗan, zagayen ɗaukowa da warwarewa ya ragu. In burinka fahimtar furosesa ne, ɗauki rajistoci. In burinka ƙirƙirar yaren manhaja ne, fara da tari.

Yaya zan ƙara kiran ƙaramin aiki da dawowa?

Kana bukatar manuni na biyu, `sp`, wanda zai fara daga ƙarshen ma'adana yana saukowa. `CALL` na rage `sp` da 1, ya ajiye `pc` a nan, sannan ya tsallaka. `RET` na karanta abin da ke wurin ya mayar wa `pc`, ya ƙara wa `sp` 1.

```python
elif op == 8:
    sp -= 1; mem[sp] = pc; pc = n
elif op == 9:
    pc = mem[sp]; sp += 1
```

Fara da `sp = 256`. Manhaja na girma daga ƙasa, tari na saukowa daga sama, kuma ba abin da ya hana su haɗuwa sai kai. Aikin da ke kiran kansa ba iyaka zai sauko ya rubuta adireshin dawowa a kan umarninka, na'ura ta fara aiwatar da shirme. Python ma na da nasa tarko a nan: `mem[-1]` ba kuskure ba ne a wurinsa, gurbin ƙarshe zai ba ka. Don haka ka ajiye tsawon manhajar lokacin loda ta, `CALL` ya ƙi aiki idan `sp` ya iso wurin, `RET` kuma ya ƙi idan `sp` na kan 256.

Me umarni 8 ɗin nan ba za su iya ba?

Ba za su iya bin jeri cikin sauƙi ba. `LD` ɗinmu adireshinsa a kafe yake cikin umarnin, don haka zagayen da ke son karanta gurbi na 100, sannan 101, sannan 102 ba shi da hanya, sai dai manhaja ta riƙa rubuta sabon adireshi a kan bayit na biyu na `LD` ɗinta da `ST`. Hakan na aiki, kuma kwamfutocin farko sun yi shi, amma bin sawunsa azaba ne. Maganin umarni ɗaya ne: `r[a] = mem[r[b]]`, inda adireshin ke fitowa daga rajista. Tunda rajistarmu bit 8 ce kuma ma'adana 256, kowace lamba adireshi ne halastacce.

Na biyu, babu kwatanta girma. `JNZ` ya san daidai da ba daidai ba, bai san wanne ya fi ba. Don wannan sai an ƙara tutar aro, wadda `SUB` ke ɗagawa idan abin da aka ɗebe ya fi wanda aka ɗebe daga gare shi, da umarnin tsalle da ke duba ta. Lissafa tutar kafin `& 0xFF`, domin bayansa shaidar ta ɓace. Irin wannan tuta a `ADD` ita ce ke ba da damar tara lambobin da suka wuce 255 da rajistoci biyu.

Sai yaushe zan daina rubuta heksa da hannu?

Ranar da ka saka umarni ɗaya a tsakiyar manhaja, ka ga duk adireshin tsalle da ke ƙasansa sun gurɓace. Daga nan ka rubuta asembula, wadda za ta karɓi `JNZ r1, sake` ta fitar da `44 06`. Ana yin ta da bi biyu. A bin farko ba ta fitar da komai, tana ƙirga adireshi ne tana rubuta inda kowane laƙabi, wato sunan adireshi irin `sake`, ya faɗa, kuma a nan tsawo ɗaya ya sake biyan kuɗinsa, domin ƙara 2 ne kawai a kowane layi. A bi na biyu take harhaɗa bayit da `(op << 4) | (a << 2) | b`, tana musanya laƙabi da lambarsa. Bi biyu ake yi saboda tsallen gaba, inda ake ambaton laƙabi kafin a iso gare shi.

Ajiye jadawalin sunayen umarni da lambobinsu a wuri ɗaya, asembula da na'ura su riƙa ɗauka daga can. In kowacce na da nata kwafi, wata rana za ka canza `HALT` zuwa 15 a ɗaya ka manta da ɗayar. Gwajin farko na asembular kuma yana hannunka: ba ta manhajar tara 5 zuwa 1, ka kwatanta abin da ta fitar da bayit 16 da ke sama, ɗaya bayan ɗaya.